Mai gida ya riƙe kuɗin ajiyata duka: wane yanka zan karɓa, wane zan ƙi?

Tambaya: Na yi shekara 4 a gidan haya, kuma da zan shiga na ba da kuɗin ajiya 300,000. Yau sati shida da tashina. Da na nemi kuɗina sai mai gidan ya aiko min da lissafi: fentin gida duka 120,000, sabon kafet na falo 60,000, ƙofar kicin 45,000, wutar lantarki 30,000, shara da wanke gida 25,000, "sauran gyare-gyare" 20,000. Wai babu abin da ya rage. Gaskiya dutsen guga ya ƙona kafet ɗin a wuri ɗaya, ƙofar ma a hannunmu ta tsage, yara kuma sun yi zane a bango ɗaya. Amma fentin da kafet ɗin duk tsofaffi na same su. Ba mu rubuta komai ba ranar shiga, sai 'yan hotuna da nake da su. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kafin mu taɓa lissafin, ka fara gyara yadda kake kallon kuɗin. Kuɗin ajiya, wanda wasu ke kira kuɗin koshan, naka ne tun ranar da ka miƙa shi har yau. Mai gida riƙo kawai yake yi, don in ka bar masa bashi ko ɓarna ya cire daidai abin da ya yi asara. Saboda haka shi ne zai nuna dalilin kowane yanka, kai ba sai ka nuna dalilin neman abinka ba. Na daɗe ina aikin kula da gidajen haya da sasanta irin wannan rigima, kuma yawancin masu haya da nake gani suna zuwa ne kamar masu roƙon alfarma. Da zarar ka shiga maganar da muryar roƙo, mai gida zai ba ka abin da ya ga dama, ya kuma jira godiya.

Ka tara lambobin nan shida da kanka. Sun ba da 300,000 cif, ko ɗaya bai yi sama ko ƙasa ba. Gyaran gaskiya ba ya faɗuwa daidai da kuɗin ajiya haka, domin kafinta da mai fenti ba su san nawa ka ajiye ba. In ka ga lissafi ya zo haka, kuma duk lambobin dunƙulallu, biri ya yi kama da mutum: daga jimla aka faro aka rarraba ta a kan abubuwa. Kada ka faɗa masa haka, ba zai amfane ka ba. Ka dai san cewa akwai yiwuwar babu rasit ko ɗaya a bayan takardar, kuma neman rasit ne zai warware maka rabin aikin.

Ga ma'aunin da masu sasanci da alƙalai ke bi kusan ko'ina. Ana tambaya ko abin ya canza daga yadda ka same shi. In ya canza, sai a duba ko tsufa ne na zaman yau da kullum ko kuwa ɓarna ce da sakaci ko ganganci ya jawo. In ɓarna ce, sai a tambaya nawa abin ya kai a ranar da ya lalace. Tambayar ƙarshen nan ita ce mutane ba su sani ba, kuma a nan kuɗi mafi yawa ke salwanta. Tsufa na mai gida ne, kuɗin hayar da ka yi shekara 4 kana biya shi ne ladansa. Fenti ya dusashe, kafet ya kwanta a inda ake yawan takawa, famfo ya fara ɗiga saboda robar ciki ta cinye, mariƙin ƙofa ya yi sako-sako: duk wannan zai faru ko da wa ya zauna. Ƙuna, tsagewa, rami a bango, tabon da ba ya fita, gilashin da aka fasa, waɗannan naka ne. Amma ko a kan naka, ba a ba mai gida damar ya karɓi tsohon abu daga hannunka ya mayar da sabo da kuɗinka ba. Haƙƙinsa shi ne a mayar da shi inda zai kasance da ba a yi ɓarnar ba, kuma da ba a yi ta ba, tsohon kafet zai tarar a falonsa.

Mu fara da kafet ɗin, tunda shi ya fi nuna yadda lissafin yake. Ka amsa cewa ku kuka ƙona shi, kuma ina ba ka shawara ka ci gaba da amsawa, har a rubuce. Wanda ya musanta ƙunar da kowa ke gani da ido ya zubar da darajar sauran maganarsa. Abin da za ka tsaya a kai shi ne farashi. Kowane kayan gida yana da shekarun da ake sa ran zai yi. Kafet mai matsakaicin kyau a gidan haya, in an yi masa adalci sosai, a ba shi shekara 10. Mai araha ba ya kaiwa haka. Ka ce tsoho ka same shi. Mu ɗauka ya yi shekara 3 kafin ka shiga, ka ƙara naka 4, ya zama 7. Saura shekara 3 ke nan cikin 10 da ƙunar ta hana mai gida ci. Kashi 3 cikin 10 na 60,000 shi ne 18,000. Wannan ne iyakar abin da ya kamata ya cire, kuma shi ma sai in ƙunar ta sa dole a canza kafet ɗin gaba ɗaya. In shatin dutsen guga ne guda a gefe, wanda za a iya yanke wurin a yi masa faci ko kujera ta rufe shi, mai sasanci zai iya ba shi ƙasa da haka, a matsayin diyyar muni kawai. Idan kuma aka gano kafet ɗin ya riga ya haura shekara 10, abin da ya rage masa na daraja kaɗan ne ƙwarai. Don haka tambayar da za ka yi wa mai gida ita ce yaushe aka shimfiɗa shi, kuma nawa aka saye shi. In ya ce bai tuna ba, hotunanka na ranar shiga su ne za su yi magana. Ka duba su da kyau, ka ƙara girman hoton a wajen bakin ƙofa da gaban kujeru, inda kafet ke fara kwanciya. In ya riga ya kwanta a hoton, ba a shekarar aka saye shi ba.

Akwai wani abu kuma. Ka bincika ko an canza kafet ɗin da gaske. Na taɓa zama a kan wata rigima inda mai gida ya cire kuɗin sabon kafet, muka je duba gidan bayan sabon ɗan haya ya shiga, sai ga tsohon kafet ɗin nan shimfiɗe, an juya shi kawai an ɗora teburi a kan tabon. A wurare da yawa doka ba ta tilasta wa mai gida ya yi gyaran kafin ya karɓi diyya ba, domin darajar kayansa ta ragu ko ya gyara ko bai gyara ba. Amma in ya iya ba da gidan haya da kafet ɗin a haka, ya nuna da kansa cewa asarar ba ta kai kuɗin sabo ba.

Fenti shi ne yanka mafi girma, kuma shi ne mafi rauni. Fentin cikin gidan haya ana ƙiyasta masa shekara 3 zuwa 5 kafin ya buƙaci sabuntawa. Kai kaɗai ka yi 4, kuma ba sabo ka tarar ba. Ko da shekara 2 kawai ya yi kafin zuwanka, ya kai 6, wato ya cinye kwanansa. Mai gida zai yi fenti kafin ya sa wani ko da ka bar bangon tas, saboda haka zamanka bai jawo masa wannan kashe kuɗin ba. Abin da ya rage shi ne bangon da yara suka zana. A nan ma ba kuɗin fentin bangon za ka biya ba, tunda da ma za a yi masa. Abin da zanen ya ƙara shi ne wahalar rufe shi: tawadar biro da ta alƙalamin maka sukan ɓullo ta cikin sabon fenti, sai an goge, an shafa fentin share fage mai toshe tabo, wani lokaci a ƙara shafi ɗaya. Wannan ƙarin aikin naka ne. A lissafin da aka yi wa gida duka 120,000, ni zan miƙa tayin 8,000 a kan bango ɗaya, kuma zan ɗauka na yi adalci.

Sai dai kafin ka aika komai, ɗauko yarjejeniyar hayarku ka karanta, in akwai ta a rubuce. Wasu yarjejeniyoyin suna da sharaɗin cewa ɗan haya zai yi wa gida fenti in zai fita. In ka sa hannu a kan irin wannan, maganar fenti ta canza, kuma ƙarfin sharaɗin ya danganta da dokar inda kake. A Jamus, alal misali, babbar kotun tarayya ta yanke a 2015 cewa irin wannan sharaɗi a yarjejeniyar da aka riga aka tsara ba ya aiki idan an miƙa wa ɗan haya gidan ba a sabunta shi ba kuma ba a biya shi diyyar hakan ba. A wasu wuraren kuwa abin da ka sa wa hannu shi ne zai hau kanka. Ko a can, kana da damar cewa a nuna maka rasit, kuma fentin ya zama irin wanda ka tarar, kada a sayi mai tsada da kuɗinka.

Ƙofar kicin ba ta da dogon zance, taka ce. Kuma lissafin shekaru ba zai taimake ka sosai a nan ba, domin ƙofa tana yin shekaru masu yawa, shekara 4 ko 7 ba su rage mata wani abin kirki ba. Abin tambaya shi ne gyara ko canji. In fallen katako ɗaya ne ya tsage, ko wajen da ake ɗaure hinji ne ya ɓalle, kafinta zai gyara ba tare da an sayi sabuwa ba, kuma mai gida ba shi da ikon zaɓar hanya mafi tsada in mai sauƙi za ta mayar da ƙofar yadda take. Ka nuna wa kafinta ɗaya ko biyu hoton tsagewar, su rubuta maka abin da za su karɓa. Mu ce sun ce 25,000. Sai ka amsa 25,000 yanzu, ka ce sauran 20,000 ɗin za ka yarda da su in an nuna maka rasit da dalilin da ya sa gyara ba zai yiwu ba.

Kuɗin wuta bashi ne, ba a yi masa lissafin tsufa, kuma shi ya fi sauƙin tabbatarwa. Lambar da mita ta nuna ranar da ka miƙa makulli ita ce iyakarka. In ka ɗauki hoton mitar, magana ta ƙare: a cire lambar bil na ƙarshe da ka biya daga wannan, abin da ya rage shi ne naka. In ba ka ɗauka ba, ka nemi ganin bil ɗin kansa, ka duba kwanakin da ya ƙunsa. Abin da na fi gani shi ne bil na wata guda, ɗan haya ya tashi a tsakiyarsa, masu gyara suka shigo suka yi ta aiki da wuta, sannan aka ɗora masa duka. In bil ɗin na kwana 30 ne kuma kai ka kwana 12 a ciki, rabonka 12 cikin 30 na 30,000, wato 12,000. Lissafin kwana ba cikakke ba ne, amma in babu lambar mita shi ne abin da kowa zai iya yarda da shi. In kuwa mitar kati ce da ake sa wa kuɗi kafin a sha, ka tambayi yadda aka yi bashi ya taru a kanta tun farko.

Shara da wanke gida: ƙa'idar ita ce ka bar gida da tsabta irin wadda ka same shi da ita. Tsabta ba ta shiga lissafin tsufa, datti datti ne ko bayan shekara nawa, don haka in ka bar maiƙo a kicin ko tarkace a ɗaki, ka biya. In ka share ka wanke, kuma ba ƙwararrun masu wanke gida suka gyara maka shi ranar da ka shiga ba, babu dalilin da za a ɗauko su da kuɗinka ranar fita. A Ingila dokar 2019 ta ma hana a wajabta wa ɗan haya biyan kuɗin kamfanin wanke gida a matsayin sharaɗin haya. Ka nemi hotunan dattin da ake magana a kai, masu kwanan wata. Ƙurar da ta kwanta bayan sati uku da tashinka, ko wadda masu fenti suka tayar, ba taka ba ce.

"Sauran gyare-gyare" kuwa ba yanka ba ne sam, cike gurbi ne. Abin da ba a ambaci sunansa ba, ba za a iya duba shi ba, balle a biya shi. Ka ce a faɗi mene ne, a wane ɗaki, nawa, in ba haka ba sifili.

Yanzu tara abin da ka amsa: kafet 18,000, bango 8,000, ƙofa 25,000, wuta 12,000. Ya zama 63,000. Ka ware 20,000 na ƙofa da ke jiran rasit. Abin da za ka nema a dawo maka da shi nan take shi ne 217,000, in kuma rasit ɗin ƙofa bai zo ba ya zama 237,000. Lambobin da na yi amfani da su na shekarun kafet da kwanakin bil zato ne, ka sa na gaskiya a wurinsu, amma hanyar lissafin ke nan.

Rashin takardar duba gida ta ranar shiga yana damunka, na gani. Ya fi cutar da mai gida fiye da kai. Shi ke da'awar cewa abu ya lalace a hannunka, kuma ba zai iya nuna lalacewa ba sai ya nuna yadda abin yake da farko. A Afirka ta Kudu dokar gidajen haya ta 1999 ta wajabta a duba gida tare, da shiga da fita, kuma in mai gida bai yi dubawar fita tare da ɗan haya ba, ana ɗauka ya amince gidan lafiya yake, sai ya mayar da kuɗin duka har da ruwan da suka tara a banki. Hotunanka ka adana su yadda suke a wayar da ta ɗauke su, domin ainihin hoton yana ɗauke da kwanan watan da aka ɗauka, wanda aka tura ta manhajar hira kuwa sau da yawa yakan rasa wannan bayanin. Ka kuma koma cikin tsofaffin saƙonninku. In ka taɓa rubuta masa cewa bango na yin danshi ko ƙofar na cijewa, wannan saƙon ya fi dogon bayani amfani.

Sati shida da ka yi kana jira ma abin dubawa ne, domin wurare da yawa sun sa wa'adi. A jihar Kalifoniya ta Amurka kwana 21 ne mai gida ke da su ya mayar da kuɗi ko ya aiko da lissafi dalla-dalla, kuma in kotu ta ga da mugun nufi ya riƙe, tana iya ɗora masa har ninki biyu na kuɗin a kan abin da zai mayar. A jihar New York kwana 14 ne tun 2019, in ya wuce bai aiko da lissafi ba ya rasa ikon riƙe komai. A Ingila dole ne a sa kuɗin a wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 da karɓa, a mayar cikin kwana 10 bayan an daidaita kan adadi, kuma tsarin yana da masu raba gardama kyauta. A wasu ƙasashen babu wa'adi a doka, sai abin da yarjejeniya ta ce, in ita ma ta yi shiru sai a koma ga lokacin da hankali zai ɗauka. Ka nemo na inda kake kafin ka rubuta, domin in wa'adin ya wuce, jimla ɗaya da ta ambace shi tana iya fin duk lissafin da muka yi nauyi.

Sai wasiƙar. Ka yi ta a rubuce ko da kun saba magana ta waya, ka aika ta hanyar da za ta bar shaida, ka riƙe kwafi. In wakili ne ya karɓi kuɗin, ka aika wa su biyun, don kada kowa ya riƙa tura ka wajen ɗayan. Ga yadda zan tsara ta:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na samu lissafin da kuka aiko game da kuɗin ajiyata 300,000 na gidan da na tashi na miƙa makullinsa ranar (kwanan wata). Na amince da alhakin ƙunar kafet, da tsagewar ƙofar kicin, da zanen bango ɗaya, da wutar da na sha har ranar da na fita. Kafet ɗin ya yi kimanin shekara 7, don haka na amince da 18,000 daga cikin 60,000. Fentin gidan ya riga ya tsufa tun kafin in shiga, na amince da 8,000 na rufe zanen. Kafinta ya ƙiyasta gyaran ƙofa a kan 25,000, ga takardarsa. In an canza ta ne, ina roƙon rasit da dalili. Wuta na amince da 12,000 na kwana 12, ina kuma neman kwafin bil. Ban amince da kuɗin wanke gida ba sai an nuna min hotuna, haka kuma 'sauran gyare-gyare' sai an fayyace su ɗaya bayan ɗaya. Ina neman a mayar min da 217,000 zuwa ranar (kwanan wata) ta asusun da ke ƙasa, sauran 20,000 kuma in rasit ɗin ƙofa bai samu ba zuwa wannan rana. In ba mu daidaita ba zan kai maganar inda doka ta tanada, ko da yake na fi son mu gama a tsakaninmu. Na gode."

Ka ba shi kwana 14, kuma ka rubuta ainihin ranar, kada ka ce "nan ba da jimawa ba". Ka lura babu zargi a ciki, babu tarihin duk abin da ya yi maka a shekara 4, babu barazanar tona shi a idon jama'a. Ka rubuta ta kana tunanin wani na uku ne zai karanta, wanda bai san ɗayanku ba, domin in abin ya yi nisa shi ne zai karanta ɗin. Barazana da zagi kuma suna iya juyowa kanka, mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara.

Amsar da za ta biyo baya takan zo iri uku. Wani zai kira ka a waya ya yi tayi, ya ce zo ka karɓi 150,000 a wuce wurin. Kana iya karɓar wani ɓangare, amma ka kula da abin da za ka sa wa hannu ko ka amsa a saƙo. In an rubuta cewa wannan ne biya na ƙarshe kuma babu sauran magana, ka yarda, to ka rufe wa kanka ƙofa. In kana son ci gaba da neman saura, ka rubuta nan take cewa ka karɓi 150,000 a matsayin wani ɓangare, saura kaza. Duk abin da kuka faɗa a waya ma ka bi shi da saƙo a ranar: kamar yadda muka yi magana ɗazu, kun ce kaza, na ce kaza. Wani kuma zai aiko da rasit. Ka duba kwanan wata, da adireshin gidan, da ko an rubuta aikin da aka yi, ka kuma bambance rasit da takardar ƙiyasi, domin ƙiyasi abin da za a iya kashewa ne, ba a riga an kashe ba. In rasit ɗin ƙofa ya fito daidai, kuma kafintan ya ce ba ta gyaruwa, ka bar masa 20,000 ɗin ba tare da jan rai ba. Na uku shi ne wanda zai yi shiru, ko ya ce sai sabon ɗan haya ya biya tukuna. Wannan ba hujja ba ce, kuɗinka ba jarin gidansa ba ne. Ranar da wa'adin ya cika ka aika tunatarwa ta layi biyu da ƙarin kwana 7, daga nan ka shigar da ƙara.

Inda za ka kai ya danganta da wurin: tsarin kariyar kuɗin ajiya in akwai, ko kwamitin sauraron rigingimun haya, ko cibiyar sasanci, ko kotun ƙananan basussuka, wadda a yawancin wurare ba a buƙatar lauya kuma kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne. Ka tafi da yarjejeniya, da shaidar biyan kuɗin ajiyar, da shaidar cewa ba a bin ka haya, da hotuna, da lissafinsa, da wasiƙarka. Shaidar biyan ajiyar ita ce wadda mutane suka fi rasawa. In ba a ba ka rasit ba, lissafin da ya aiko maka ya wadatar, tunda da hannunsa ya rubuta cewa yana cirewa daga 300,000.

Kafin ka kai can, ka yanke wa kanka mafi ƙarancin abin da za ka karɓa ka haƙura. A wannan lissafin, in ya kawo 200,000 a hannu cikin sati biyu, ni zan karɓa, domin gardamar shekarun kafet da ta wanke gida tana iya faɗawa kowane ɓangare, kuma zirga-zirgar ƙara tana cin lokaci. In ya tsaya a ƙasa da 150,000, yana nufin ya riƙe fiye da ninki biyu na abin da ka amsa, kuma a kan fenti, wanda shi ne yanka mafi girma, hujjarka ta fi ƙarfi, don haka a nan zan shigar da ƙara.